/22 ɗin nan adireshi nawa ke cikinsa? Hanyoyi uku na karanta lambar bayan silash, da wadda ya kamata ka riƙe

Ka buga `ip addr` a kwamfuta mai Linux sai ga wannan layin ya fito maka:

```
inet 10.20.5.77/22
```

To tambayar da ake yawan yi ita ce, adireshi nawa ke cikin wannan netwok ɗin, kuma daga ina ya fara zuwa ina ya ƙare. Ni dai a iya zamana da masu wannan aikin hanyoyi uku na ga ana bi, kowa kuma ya riƙe tasa kamar ita kaɗai ce daidai, akwai mai lissafin ninkin 2, akwai mai tsayawa kan /24 yana taka tsani sama ko ƙasa, sannan akwai mai cire lambar maski daga 256. Duka ukun amsa ɗaya suke bayarwa in ba a yi kuskure ba, bambancin yana wajen sauri, da irin kuskuren da kowacce ke jawowa, da kuma abin da take gaya maka bayan yawan adireshin. Wannan 10.20.5.77/22 ɗin da shi zan gwada kowacce, don kar mu yi ta canza misali kai ya ɗau zafi.

Abu ɗaya sai ya zauna maka tukuna. Adireshin IPv4 bit 32 ne, an kasa shi gida huɗu, kowane gida bit 8, shi ya sa kowane gida ke tafiya daga 0 zuwa 255. Lambar bayan silash tana gaya maka bit nawa aka kulle daga hagu, waɗanda duk na'urar da ke cikin yankin dole ta zo da irinsu. Abin da ya rage a dama shi ke canzawa daga na'ura zuwa na'ura. Kaga ke nan lambar tana ƙirga abin da aka kulle ne, kai kuma abin da aka sake kake nema, kuma daga nan ne ruɗanin farko ke fitowa: lamba na ƙaruwa yanki na ƙanƙancewa. /28 ƙarami ne sosai a kan /22 duk da 28 ta fi 22. Kafin 1993 ma ba a wannan wahalar, aji-aji ake bi, ajin C adireshi 256, ajin B 65,536, babu komai a tsakani, mai buƙatar dubu biyu ko dai a ba shi wanda ya yi masa kaɗan ko wanda ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. CIDR, wato tsarin lambar bayan silash ɗin nan, shi ne ya zo ya ce a yanka a duk bit ɗin da aka ga dama, mu kuma lissafi ya hau kanmu.

Hanyar farko ita ce ta makaranta, wadda duk wanda ya karanta abin don jarrabawa ya sani:

```
2^(32 - n)
```

A misalinmu 32 a cire 22 saura 10, sai ka ninka 2 da kanta har sau goma, ya ba ka 1,024. Shi ke nan. Abin da nake so da wannan hanyar shi ne ba ta da inda take gazawa, ka ba ta /3 ka ba ta /29 duk ɗaya ne a wajenta, har /0 ma zata gaya maka 4,294,967,296 wato duk adireshin IPv4 da ke akwai, kuma ita kaɗai ce cikin ukun da zaka ɗauka yadda take ka kai IPv6, 32 ɗin kawai zaka mayar 128. Sannan ita ce ke juyawa baya cikin sauƙi, in an ce maka na'ura kaza ake son sakawa wane silash za a bayar, zamu zo kan wannan.

Matsalarta biyu. Ta farko sai ka haddace ninkin 2, in ba haka ba zaka tsaya kana ƙirga 2, 4, 8, 16 da yatsu ana jiranka a waya, kuma da zarar an wuce 2^12 yawancin mutane sai kalkuleta. Na sha ganin sabon shiga ya manta cirewar gaba ɗaya ya ɗora 2 a kan 26, ya fito da miliyan 67 da ɗoriya a matsayin girman /26, wani kuma ya cire daidai ya samu 6 amma maimakon ninkawa sai ya yi 2 sau 6 ya ce 12. Matsala ta biyu ta fi wannan girma a wajen aiki: yawa kawai take ba ka. Ta ce 1,024, madalla, to 10.20.5.77 ɗin nan yankinsa daga ina ya fara? Shiru. Mutum sai ya ɗauka daga 10.20.5.0 ne tunda 5 yake gani, kuma ba haka ba ne.

Hanya ta biyu ita ce ta waɗanda hannunsu ya saba, ba sa tuna wata fomula, abu ɗaya suka riƙe: /24 adireshi 256 ne. Duk taki ɗaya sama ka raba biyu, /25 128, /26 64, /27 32, /28 16. Duk taki ɗaya ƙasa ka ninka biyu, /23 512, /22 1,024. Taki biyu kacal mun iso amsarmu, kafin mai fomula ya gama rubuta baka-biyunsa. Gaskiya ni da wannan nake aiki kusan kullum, saboda mafi yawan abin da mutum ke cin karo da shi a ofis ko wajen saita rauta tsakanin /20 ne da /30, duka kuma ba su wuce taki shida daga /24 ba. Tana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba, tana sa ka ga alaƙar yankuna da juna, ka san /22 ɗaya /24 huɗu ne a haɗe, /24 ɗaya kuma /26 huɗu ne, to in an ce /26 nawa za a iya yankowa daga /22 ba sai ka raba 1,024 da 64 ba, taki huɗu ne tsakaninsu, 2, 4, 8, 16, amsa 16.

Inda take ba da kunya shi ne nesa da gida. A ce /13 aka ba ka, taki goma sha ɗaya ke nan daga /24, wallahi kafin ka kai sai ka tsallake ɗaya ko ka maimaita ɗaya, kuma kuskuren taki ɗaya a nan ba ƙarami ba ne, ko dai rabin amsa ko ninkinta. Maganin shi ne ka ƙara turaku, /16 65,536 ne, /8 kuma 16,777,216, sai ka taso daga wanda ya fi kusa. /13 taki uku ne ƙasa da /16, wato 65,536 sau 8, 524,288. Akwai ma wata 'yar dabara da nake so, taki goma daidai yake da ninkawa da 1,024, to tunda /32 adireshi ɗaya ne, /22 zai zama 1,024, /12 kuma 1,024 sau 1,024 wato 1,048,576, wanda shi ne girman 172.16.0.0/12 ɗin nan da RFC 1918 ya ware don netwok na cikin gida. Amma ka lura, ita ma wannan hanyar rabin amsa take ba ka game da iyaka. Ta gaya maka /24 huɗu ne a ciki, bata gaya maka waɗanne huɗun ba. 5, 6, 7, 8? 2, 3, 4, 5? Dole ka ƙara wani abu a kai.

Wannan abin shi ne hanya ta uku ke kawowa. Ita ba daga silash take farawa ba, daga maski take farawa, wato silash ɗin nan a rubuce gida huɗu kamar adireshi, kuma akwai wuraren da maskin kaɗai za a nuna maka, `ipconfig` na Windows misali, ko shafin saitin firinta da ƙananan rautoci da yawa. Maskin /22 shi ne 255.255.252.0. Ka nemi gidan farko da ba 255 ba, a nan gida na uku ne mai 252, ka cire shi daga 256, saura 4. Wannan 4 ɗin aiki biyu take yi. Na farko, tunda a gida na uku take kuma akwai cikakken gida ɗaya a bayanta, 4 sau 256 ya ba ka 1,024, mun sake dawowa amsa ɗaya. Na biyu, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce ka koyi hanyar, 4 ɗin ita ce takun da yankunan ke yi a gidan: 0, 4, 8, 12, haka har 252. Lambarmu 5 ce, ta faɗa tsakanin 4 da 8, saboda haka yankin ya fara daga 10.20.4.0 ya ƙare a 10.20.7.255, na gaba ya ɗauka daga 10.20.8.0. Da cirewa ɗaya ka samu yawa ka samu farko ka samu ƙarshe.

Kuɗin shigarta kuwa haddar lambobi takwas ne, don in silash aka ba ka sai ka fara mayar da shi maski:

```
bit:    1    2    3    4    5    6    7    8
maski: 128  192  224  240  248  252  254  255
```

22 gida biyu ne cikakku, bit 16, da ragowar bit 6 a gida na uku, ka duba ƙarƙashin 6 ka ga 252. In lambobin nan basu zauna maka ba hanyar zata zama mafi jinkiri cikin ukun. Sannan tana da tarkonta na musamman, manta wane gida kake ciki. 255.255.255.240 da 255.255.240.0 duka 240 kake gani, duka 16 zasu ba ka in ka cire, amma na farkon /28 ne mai adireshi 16 cak, na biyun /20 ne mai 16 sau 256 wato 4,096. Ido na gajiya da dare, ka kalli 240 ka ce 16 ka wuce. Na yi shi, ba sau ɗaya ba.

Ga yadda nake ba mutum shawara. In jarrabawa ce a gabanka ko kana rubuta kod, fomula ka riƙe, ita ce ba ta da gefe. In aikinka na yau da gobe ne ana tambayarka a tsaye kana amsawa, tsanin /24 ya ishe ka wajen yawa. Amma duk ranar da zaka taɓa saiti da hannunka, ka rubuta dokar fayawol, ka ware zangon DHCP, ka yanka yanki gida-gida, to hanya ta uku dole ce a wajenka, saboda a nan iyaka ce ke cizo. Ni haɗa ta biyu da ta uku nake yi ba tare da na bi ta maski ba ma: tsani ya ce min /22 /24 huɗu ne, sai in ce to takun gida na uku 4 ne, sai in nemi ninkin 4 mafi girma da bai wuce lambata ba. Haka ma a gida na huɗu, /27 adireshi 32 ne to takunsa 32, 0, 32, 64, 96. Girman yanki shi ne takunsa, kuma yanki ba ya farawa sai a kan ninkin girmansa, in wannan ya zauna maka hanyoyin biyu sun zama ɗaya.

To yanzu 1,024 ɗin nan fa ba duka zaka raba wa na'urori ba. Na farko, 10.20.4.0, sunan netwok ɗin ne shi kansa, na ƙarshe, 10.20.7.255, na brodkas ne, wato na aika saƙo ga kowa a yankin lokaci ɗaya, saura 1,022. Biyu ake cirewa daga yankin gaba ɗayansa, ba biyu daga kowane 256 ba, kuma nan mutane da yawa ke zamewa saboda sabo da /24. Adireshi kamar 10.20.5.0 ko 10.20.5.255 a cikin wannan /22 ɗin adireshi ne lafiyayye, DHCP zai iya miƙa wa laftof ɗin wani shi kuma ya yi aiki, duk da na san wasu suna tsallake su da gangan don gudun tsofaffin na'urori masu taurin kai da kuma abokan aiki da zasu gani su tayar da hankali. In kuwa ka yanka /22 ɗin ya zama /24 huɗu masu zaman kansu, to yanzu kowanne zai ci nasa biyun, 254 sau 4, 1,016 ke nan. Kowane yanka yana cin adireshi biyu, a manyan yankuna ba ka ji, amma a /29 mai 8 biyun nan kashi ɗaya cikin huɗu ne, a /30 kuma rabi.

Cire biyun ma ba ko'ina yake aiki ba. /31 in ka bi shi da wannan lissafin sifili zaka samu, alhali tun shekarar 2000 RFC 3021 ya halatta amfani da duka biyun a layin da ya haɗa rauta biyu kai tsaye, tunda layin da mutum biyu ne kawai a kansa bai buƙatar brodkas. /32 kuma adireshi ɗaya ne tak, na'ura ɗaya ake nufi, zaka yi ta ganinsa a dokokin fayawol. A kilawud kuma abin ya wuce biyu, AWS biyar suke riƙewa a kowane sabnet, huɗun farko da na ƙarshe, Azure ma biyar, to /28 da kake lissafin 14 a can 11 zaka samu.

Bari mu kai misalin ga yanke shawara na gaske. An ba ka 10.20.4.0/22 ɗin nan, an ce ka ware wa wani sashe mai na'ura 58 nasa yankin. Fomula ta juya baya: 58 da biyun da ba a taɓawa 60, ninkin 2 na farko da ya kai 60 shi ne 64, bit 6 ke nan, 32 a cire 6, /26. A takarda ya shiga har da canji, 62 ake iya rabawa, 58 ake nema. Amma ka zauna ka ƙirga da kyau. Getwe, wato adireshin rautar da ake bi a fita daga yankin, zai ci ɗaya, saura 61. In rauta biyu ne ke tsaron juna da VRRP, yadda aka saba kowacce da nata adireshin sannan ga na tarayya da na'urori ke kallo, uku ke nan, saura 59. Na'ura 58 a cikin gurbi 59. Firinta ɗaya aka ƙaro ka cika, ta biyu babu wajenta. Kuma in DHCP ne ke rabo, na'urar da ta tafi ba ta sakin adireshinta nan take sai wa'adin hayar ya ƙare, wayoyin yanzu kuma suna iya canza adireshin MAC su dawo kamar baƙi, to gurbi na iya ƙarewa alhali in ka ƙirga abin da ke kunne bai kai 59 ba. Alamar da zaka gani ita ce sabuwar kwamfuta ta haɗu amma ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, wato ta nema ba a ba ta ba.

/25 kuma 128 ne, 126 na rabawa, bayan rautoci uku 123, fiye da ninkin abin da ake nema. Wani zai ce ɓarna ce, adireshi 65 zaune ba aiki. Babu tsaka-tsaki fa, ba za ka iya cewa a ba ni mai 80 ko mai 100 ba, daga 64 sai 128, shi ya sa bambancin na'ura 62 da 63 ya fi bambancin 63 da 120 tsada. Tambayar ita ce me kake asara a kowane ɓangare. In ka ba da /25, daga /22 ɗinka mai /25 takwas ka kashe ɗaya, saura bakwai. In ka ba da /26 ka adana 64, amma ka sayi aikin sake lamba nan gaba, kuma wannan aikin ne mutane ke rainawa.

Ga dalili. A ce ka jera su a matse, sashe na farko 10.20.4.0/26, sashenmu mai 58 ya samu 10.20.4.64/26, na uku 10.20.4.128/26. Bayan wata shida sashenmu ya cika, sai wani ya ce ai mai sauƙi ne a mayar da 26 ɗin 25 kawai. To 10.20.4.64/25 babu shi a duniya. Takun /25 128 ne, ko ya fara a .0 ko a .128, kuma 64 ta faɗa cikin na .0, ma'ana in ka canza silash ɗin yankin baya zai faɗaɗa ya haɗiye sashe na farko, ba gaba zai miƙe zuwa .191 yadda mutum ke zato ba. Fomula ba zata taɓa nuna maka wannan ba, zata ce 128 ta yi shiru. Python ma in ka gwada shi zai ƙi karɓa:

```
>>> import ipaddress
>>> ipaddress.ip_network('10.20.4.64/25')
ValueError: 10.20.4.64/25 has host bits set
```

Saƙon yana nufin akwai bit a kunne a ɓangaren da ya kamata ya zama sifili, wato lambar da ka rubuta ba farkon yanki ba ce. Wasu na'urorin haka suke ƙi, wasu kuma su karɓa su gyara maka shiru zuwa 10.20.4.0/25, kuma na biyun ya fi haɗari musamman a fayawol, don ka buɗe wa .0 zuwa .63 ƙofa ba ka sani ba, ka kuma bar .128 zuwa sama a waje.

Akwai hanya ta tsakiya da nake bi in ina jin ƙyashin bayar da /25 gaba ɗaya. In ba su /26 amma in ɗora shi a farkon /25, a ce 10.20.4.128/26, in bar 10.20.4.192/26 fanko in rubuta a takardar rabo cewa an tanada. Ranar da suka cika sai silash kawai ya canza, 10.20.4.128/25 halastacce ne, getwe bai motsa ba, babu na'urar da ta canza lamba. In kuma shekara biyu ta wuce basu girma ba, rabin da na ajiye yana nan in ba wani. Ga na'ura 58 dai, in adireshin cikin gida ne irin 10.0.0.0/8 da ba ƙarancinsa ake ba, ni /25 zan bayar kai tsaye ban tsaya wannan dabarar ba. In adireshin fili ne da ake ƙirga shi ɗaya-ɗaya, ko /22 ɗin nan shi ke nan abin da zan samu kuma sassa goma sha biyu ke jira, to nan ne /26 da ajiyar gefe ke da ma'ana. Da na'ura 40 ce da ban yi dogon tunani ba, /26 ya wadatar.

Ko da ka faɗaɗa daidai akwai saura, duk na'urar da aka sa wa adireshi da hannu tana nan da tsohon maskinta har sai an bi ta an gyara. Wannan ya taɓa cinye min yini guda a wani wuri da na yi aiki. Netwok ɗin /22 ne irin na misalinmu, wani ya saita saba da hannu ya sa 255.255.255.0 saboda shi ne yatsunsa suka saba bugawa. Sabar tana magana da duk wanda ke gida na uku ɗaya da ita lafiya lau, shi ya sa wanda ya saita ta ya gwada daga teburinsa ya ce komai daidai, amma duk wanda lambarsa ta faɗa wani 256 ɗin sai ta ɗauke shi baƙo ta tura amsarsa wajen getwe, shi kuma getwe ɗin yana wani 256 ɗin daban da a ganinta ba ya cikin netwok ɗinta. Rabin mutane na shiga rabi ba sa shiga, muna ta zargin waya da suwic. Alamar da ya kamata in kama tun farko ita ce matsalar tana bin lamba ne, ba ta bin ɗaki ko tebur, duk masu kuka gidansu na uku ya bambanta da na sabar. A Linux in ka yi ƙoƙarin sa getwe da ke wajen yankin da maskinka ya zana, shi ma zai gaya maka:

```
Error: Nexthop has invalid gateway.
```

In ka ga wannan kafin ka zargi rauta ka koma ka karanta silash ɗinka.

IPv6 kuma ya sauya wacce hanya ke da amfani. Hanyar maski ta faɗi gaba ɗaya don ba a rubuta maski mai ɗigo-ɗigo a can, silash kawai ne. Fomula tana aiki, 128 a cire 64 saura 64, amma amsar 18,446,744,073,709,551,616 ce a /64 guda ɗaya, lambar da ba abin da zaka yi da ita, ba wanda ke tambayar ko na'urorinsa zasu shiga. Ba a cire biyu ma tunda babu brodkas. Abin da ake ƙirgawa a can shi ne /64 nawa ke cikin abin da aka ba ka, don kowane netwok na na'urori /64 ake ba shi, mai na'ura 5 da mai 5,000 duk ɗaya. Nan tsani ya dawo da ƙarfinsa, turken ne kawai ya tashi daga /24 ya koma /64. An ba ka /56, taki takwas ne, netwok 256. An ba ka /48, taki goma sha shida, 65,536. An ba ka /60, 16 kacal, kuma in /64 ɗaya mai ba ka intanet ya miƙo maka to netwok ɗaya gare ka, duk yawan adireshin da ke ciki ba zaka yanka shi gida biyu ba tare da ka karya SLAAC ba, wato tsarin da na'urori ke haɗa wa kansu adireshi, saboda shi /64 cif yake nema.